Yadda za ka riƙa rubuta duk betin ɗinka a Excel ko Google Sheets, sannan ka karanta halinka daga ciki

Tun farko dai bari in faɗa, ba wai ina kiran wanda bai taɓa yin betin ba ya zo ya fara ba ne, wanda bai shiga ba ya yi zamansa ya fi masa. Maganar ta wanda ya riga ya tsunduma ce, wanda in ka tambaye shi a wata shidan nan riba yake ci ko asara sai ya ce maka "to, ana dai ci ana faɗuwa, kusan kunnen doki ne." Ni ma haka nake cewa a da. Ƙwaƙwalwa ce ke yi mana wannan wayon, tikitin da ya ci tana riƙe shi har da minti nawa aka zura ƙwallon, amma guda goma sha biyun da suka yanke kafinsa duk sun narke sun zama "kwanakin baya dai ban yi sa'a ba". Tebur ɗin lissafi ba ya wannan karar, abin da ka rubuta shi zai maido maka.

Kuma abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne, lambar riba ita ce ta fi kowace lamba ƙarya a watannin farko. Abubuwan da ke saurin faɗin gaskiya guda biyu ne, farashin da kasuwa ta rufe a kai, da kuma yadda zubinka ke canzawa bayan ka faɗi. Duk tsarin da zan nuna an yi shi ne don waɗannan biyun su fito fili.

Shirya teburin

Buɗe sabon fayil, a layin farko ka jera kanun nan daga A zuwa N, kowanne a gidansa:

```
Rana | Awa | Gasa | Zabi | Iri | Zubi | Ods | Rufewa | Kishiya | Sakamako | Riba | Tazara | NaBaya | Dalili
```

Wato Rana ita ce A, Zubi F, Ods G, Rufewa H, Kishiya I, Sakamako J, Riba K, Tazara L, NaBaya M. Ka kiyaye wannan jerin domin duk fomulolin da ke ƙasa a kansa suka dogara, in ka saka wani kolom a tsakiya kafin ka kwafa su to sai ka gyara haruffan. Sai ka daskarar da layin farko don kar kanun su ɓace in ka gangara, a Google Sheets `View` sannan `Freeze` sannan `1 row`, a Excel kuma `View` sannan `Freeze Panes` sannan `Freeze Top Row`.

Awa lamba kawai za ka sa daga 0 zuwa 23, kuma awar da ka danna betin ɗin ce ba awar da aka take wasa ba. Iri kalma uku ta ishe ka: `daya` ga wasa guda kafin a fara, `jeri` ga dogon tikiti mai wasanni da yawa, `layif` ga wanda ka saka ana cikin wasa. Sakamako kuma `ci`, `fadi`, `soke` in an maido maka kuɗinka, `fita` in ka danna `Cash Out`.

Ka lura ban sa ɗ mai lanƙwasa a `fadi` da `daya` ba, da gangan ne. A wurin kwamfuta faɗi da fadi kalma biyu ne daban, yau ka rubuta da wayar da ke da harafin gobe ka rubuta da wadda ba ta da shi, sai fomula ta tsallake rabin asararka ba tare da ta yi maka ko tari ba. Ni ya taɓa faruwa da ni, ba ma harafi ba, sarari ne kawai kibod ɗin waya ke ƙara min a bayan kalma, na yi sati biyu ina murna ashe layi tara ba su shiga lissafi ba. Maganinsa ka zaɓi kolom ɗin gaba ɗaya ka shiga `Data` sannan `Data validation` ka yi masa jerin zaɓi, daga nan zaɓa za ka riƙa yi ba rubutawa ba. Yi wa E da J da M haka.

Zubi kuma na fi son a rubuta shi da yunit maimakon tsabar kuɗi. Ka yanke tun yau nawa ne zubinka na yau da kullum, wannan shi ne yunit 1, in ka ninka 2, in rabi 0.5. Amfaninsa shi ne da ido kawai za ka hango ranar da hannunka ya yi nauyi. Amma fa in ka yanke kar ka canza darajarsa a tsakiyar wata, in ba haka ba kwatancen ya lalace.

Ods ka rubuta shi irin mai ɗigo, 1.85 ko 2.40, domin shi ya fi sauƙin lissafi: zubi sau ods shi ne jimillar abin da za a ba ka har da uwar kuɗinka. Wani abu da ke ba mutane ciwon kai a nan, in saitin fayil ɗinka na ƙasar da ke amfani da waƙafi ne a madadin ɗigo, za ka rubuta 1.10 ya koma maka kwanan wata ko ya manne a gefen hagu kamar rubutu. Lamba ta gaske a dama take zama. In ka ga ta hagu to gyara saitin, kuma a irin wannan saitin fomula `;` take so a inda na sa `,`.

Riba

A gidan K2 saka wannan sannan ka ja shi ƙasa:

```
=IF(J2="ci",F2*(G2-1),IF(J2="fadi",-F2,IF(J2="soke",0,"")))
```

In ka zuba yunit 2 a 1.80 ya ci, riba 1.6 ce ba 3.6 ba, saboda 2 ɗin naka ne tun asali. Kuskuren da ya fi yawa ke nan, mutum ya rubuta abin da aka tura masa gaba ɗaya a matsayin riba. In sakamako `fita` ne sai ka goge fomular wannan layin ka rubuta da hannu, abin da aka ba ka a cire zubi. Haka ma rabin ci ko rabin faɗuwa a handikaf mai kwata, da hannu za ka sa. Kuma duk sanda ka fita da wuri, a Dalili ka ƙara abin da zai faru da ka bar tikitin ya kai ƙarshe, bayan wata uku za ka iya tara su ka ga ko maɓallin nan taimakonka yake ko yankarka yake, domin kamfani ba ya sayen tikitinka sai ya cire nasa.

A wani shafi daban, ka kira shi bita, sai ka sa yawan riba bisa abin da ka zuba:

```
=SUM(K:K)/SUMIFS(F:F,J:J,"<>soke",J:J,"<>")
```

In a shafi daban ka sa shi to dole sunan shafin farko ya zo kafin kowane kolom, kamar `Sheet1!K:K`, in kuma ba ka son wahala ajiye shi can gefe a kolom P na shafi ɗaya. Mai da gidan zuwa `Percent`. Fomular ta tsallake waɗanda aka soke da waɗanda ba a buga ba tukuna.

Farashin rufewa, inda aikin yake

Farashin rufewa shi ne ods na ƙarshe da zaɓinka yake da shi dab da a busa usur. Me ya sa ake damuwa da shi? Saboda a wannan lokacin an riga an fitar da sunayen 'yan wasan da za su fara, an san wa ya ji rauni, masu manyan kuɗi sun gama zubawa, duk bayanin da ke akwai ya shiga cikin farashin. Ba wai ba ya kuskure ba ne, yana yi, amma a manyan gasanni da wuya ka samu ƙiyasin da ya fi shi daidai in aka haɗa wasanni da yawa. To in kullum kana samun ods mafi tsoka fiye da wanda aka rufe a kai, alama ce kana saye da araha. In kuma kullum naka ne ƙasa, tsada kake saye ko da kuwa tikitin ya ci.

Kafin fomula sai ka gane abu ɗaya. Raba 1 da ods shi ke ba ka yiwuwar da farashin ke nufi, 2.00 kashi 50 cikin ɗari ke nan, 4.00 kashi 25. Ɗauki wasan da ɓangarori biyu suke daidai wa daida, da adalci ne kowanne 2.00 zai zama, amma abin da za ka gani a allo kamar 1.91 da 1.91 ne. 1 a raba da 1.91 ya ba da kashi 52.4, biyun sun haɗa 104.7, wannan 4.7 da ya hau kan ɗari shi ne ladan kamfani. Ma'ana a 1.91 sai ka ci fiye da 52 a cikin kowane 100 kafin ma ka dawo da uwar kuɗinka.

Shi ya sa na sa kolom ɗin Kishiya, wato farashin rufewa na ɗaya ɓangaren. Da shi ne za ka cire ladan kamfani ka ga farashin gaskiya, Tazara kuma ita ce za ta nuna kashi nawa ods ɗinka ya fi wannan farashin ko ya gaza shi. A L2:

```
=IF(OR(H2="",I2=""),"",G2/(H2*(1/H2+1/I2))-1)
```

Shi ma mai da shi `Percent`. Bari mu gwada da hannu. Ka ɗauki za a ci ƙwallo uku ko fiye a 2.05 da safe. Da aka zo take wasa ya sauko 1.90, kishiyarsa kuma tana 2.00. 1 bisa 1.90 ya ba da 0.526, 1 bisa 2.00 ya ba da 0.5, jimilla 1.026. Ka ninka 1.90 da wannan ka samu 1.95, shi ne farashin gaskiya. 2.05 a raba da 1.95 a cire 1 ya ba da kusan kashi 5 a sama. Wannan betin mai kyau ne, ko wasan ya tashi babu ci ko ɗaya.

Ga na biyu kuma wanda ke yaudarar mutane. Ka ɗauka a 1.95, aka rufe 1.91 da 1.91. In ka kwatanta kai tsaye za ka ce ai na doke kasuwa da kashi 2, har ka fara jin kanka. Amma farashin gaskiya 2.00 ne, 1.95 bisa 2.00 kuwa kashi 2.5 ne a ƙasa. Ka rage asara dai amma har yanzu asara ce. Wanda bai rubuta Kishiya ba zai shekara yana ganin kore a teburinsa aljihunsa na ramewa ya rasa dalili.

In kasuwar mai hanya uku ce, gida ko canjaras ko baƙi, kishiyoyinka biyu ne, sai ka dunƙule su wuri ɗaya. Misali ka ɗauki gida, canjaras ya rufe 3.40 baƙi 4.20, a gidan I ka rubuta:

```
=1/(1/3.40+1/4.20)
```

Fomular L za ta yi aiki yadda take. Iyakarta dai ka sani, wannan hanyar tana raba ladan kamfani daidai bisa kowane ɓangare, alhali a zahiri sun fi ɗora shi kan ods masu tsawo. Saboda haka in kai mai son 7.00 da 12.00 ne, Tazarar da kake gani ta ɗan fi gaskiya kyau.

Wahalar wannan kolom ɗin ba lissafi ba ne, kamawa ce. Da an take wasa farashin ya koma na layif, na rufewa ya tafi. Abin da nake yi shi ne in sa ƙararrawa minti biyar kafin wasa in ɗauki hoton allo, in shigar daga baya. Akwai kuma shafukan kwatanta ods da ke ajiye farashin rufewa na manyan gasanni in ka makara. Ko wanne ka zaɓa ka tsaya a kansa, kar yau ka ɗauko daga nan gobe daga can kana neman wanda zai faranta maka. Kuma layin kasuwar ya zama iri ɗaya, in ka ɗauki yawan ƙwallaye a 2.5 kasuwa ta koma 3.0 to farashin 2.5 ɗin za ka nemo, in babu bar gidan fayau. Layif ba shi da farashin rufewa, bar shi. Jeri ma ni barinsa nake yi, don sai ka bi kowace ƙafa, wato kowane wasan da ke cikin tikitin, ɗaya bayan ɗaya, kuma akwai lissafin da ya riga ya gaya maka labarinsa, zan zo kansa.

NaBaya da Dalili

NaBaya shi ne sakamakon ƙarshe da idonka ya gani kafin ka danna wannan betin, `ci` ko `fadi`. Za a iya sa fomula ta kwafo daga layin sama amma ban ba ka shawara ba, saboda sau da yawa wasan layin sama ba a ma buga shi ba lokacin da ka saka na ƙasa, kuma ranar da ka sake jera teburin komai zai hargitse. Zaɓa da hannu, sakan biyu ne.

Dalili jimla ɗaya ce, kuma kafin wasa ake rubuta ta. "Masu tsaron bayansu biyu ba sa nan" dalili ne. "Jikina ya ba ni" shi ma rubuta shi haka, kar ka yi masa kwalliya. "Ina so in maido na ɗazu" shi ne wanda hannu ke ƙin rubutawa kuma shi ya fi duka amfani. Dokar gaba ɗaya ma ita ce layi ya shiga tebur kafin a take wasa, daga A zuwa G da M da N. In ka ce sai dare za ka shigar, to daren da ka sha kashi ba za ka buɗe fayil ɗin ba, na san wannan don na yi.

Akwai ɗan sanda guda da zai kama ka in ka ɓoye. Buɗe shafi na uku ka riƙa rubuta duk kuɗin da ka tura cikin asusun betin da duk wanda ka cire. Ƙarshen wata, abin da ya rage a asusu a haɗa da abin da ka cire da zubin tikitin da ba a gama ba, a ɗebe abin da ka tura da abin da ka fara watan da shi har da zubin tikitin da ke buɗe a farkon watan, dole ya yi daidai da jimillar Riba ta tikitin da aka gama a watan in ka mai da yunit kuɗi. In bai yi ba, ko bonas ne ba ka rubuta ba, ko kuma akwai tikitin da ka "manta", kuma kusan kullum wanda aka manta ba mai ci ba ne.

Zaman bita

Kar ka riƙa duba jimilla kullum, ba abin da za ta gaya maka sai tayar da hankali. Sau ɗaya a wata ya isa, ranar da ba ka da wani tikiti a buɗe.

Fara da raba teburin bisa Iri. Zaɓi duka ka shiga `Insert` sannan `Pivot table`, Iri a `Rows`, Zubi da Riba a `Values` suna tarawa, sai Tazara ka canza ta zuwa matsakaici. Bari in shirya misali da lambobi masu sauƙi don ka ga yadda ake karantawa. A ce wata uku sun ba ka layi 120. Na `daya` guda 70, zubi yunit 70, riba 3 a sama, matsakaicin Tazara kashi 1.5 a ƙasa. Na `jeri` guda 30, yunit 30, biyu ne suka ci, ɗaya a 8.5 ɗaya a 11, an ba ka 19.5 ke nan, asara 10.5. Na `layif` guda 20 amma zubinsu yunit 46, asara 11.5. Jimilla ka zuba 146 ka rasa 19, kashi 13 a ƙasa.

Abin da zuciya za ta fara cewa shi ne, "ka gani, a wasa ɗaiɗai ni gwani ne, sauran ne matsala." Dakata tukuna. In kana zuba yunit 1 a ods kusan 2.00, kaɗawar da sa'a zalla ke yi ta kai kimanin tushen murabba'in yawan betin ɗin. A 100 yunit 10 ke nan sama ko ƙasa, a 400 yunit 20, a 70 kuwa 8 da ɗoriya. Wato mutumin da ke jefa kwabo ya zaɓi ƙungiya zai iya tashi da riba 3 a betin 70 cikin sauƙi, kai har 8 ma. Ribar nan ba ta tabbatar da komai ba. Tazara kuwa ba ta kaɗawa haka, kowane layi 'yan kashi ne sama ko ƙasa ba ɗari ba, shi ya sa matsakaicinta ke saurin natsuwa, kuma a misalin nan cewa take kana saye da tsada kaɗan. Hukuncin gaskiya shi ne sa'a ta ɗan rufa maka asiri, in aka ci gaba a haka abin da ya fi yiwuwa ribar ta zaizaye. Haka kuma in akasin haka ka gani, asara 5 amma Tazara a sama, ba dalilin rushe tsarinka ba ne. Faɗuwa shida ko bakwai a jere cikin betin 100 a irin wannan ods ɗin abu ne da ake tsammani.

Jeri kuma ba ka buƙatar jiran dogon lokaci. A 1.91 kan abin da yake rabi da rabi, kowane yunit 1 da ka zuba 0.955 yake dawowa a matsakaici. In ka haɗa ƙafa biyar, 0.955 ɗin za ka ninka sau biyar, ya koma 0.79. Ƙafa goma 0.63. Ladan kamfani ninkuwa yake da kowace ƙafa da ka ƙara, shi ya sa suke ta tallan dogon tikiti har da ƙarin bonas. Kashi 35 ɗin da ka rasa a misalin akwai rashin sa'a a ciki, amma ko sa'a ta daidaita ba sifili za ta dawo da kai ba. In kana so ka gani da idonka, riƙa rubuta yawan ƙafa a farkon Zabi, kuma ka ƙirga sau nawa "wasa ɗaya ne ya yanke ni", za ka ga ba wani abin mamaki ba ne, a tikiti mai ƙafa biyar na rabi da rabi yankewa da ƙafa ɗaya ya ninka cin duka sau biyar.

Yanzu ga inda teburin ke nuna maka fuskarka. Fomula biyu:

```
=AVERAGEIF(M:M,"fadi",F:F)
=AVERAGEIF(M:M,"ci",F:F)
```

A misalinmu a ce 50 sun zo bayan ci, matsakaicin zubi 1 cif. 70 sun zo bayan faɗuwa, matsakaici kusan 1.4. Bambancin kamar ba yawa, sai ka tace ka bar `layif` kaɗai, ka tarar 15 daga cikin 20 bayan faɗuwa aka saka su kuma su kaɗai sun cinye yunit 41, wajen 2.7 kowanne. Ka kalli Awa ka ga yawancinsu 22 da 23 ne, ka kalli Gasa ka ga wasu lig-lig ne da ko sunan ɗan wasa ɗaya ba ka sani ba a ciki, Dalili kuma ko babu komai ko "in maido". To wannan ba rashin sa'a ba ne, bin asara ne, kuma ba ya buƙatar layi 400 kafin ka yarda da shi, domin ba sakamakon wasa kake aunawa ba, abin da hannunka ya yi ne. Don ganin abin da dare ke ci maka:

```
=SUMIFS(K:K,B:B,">=22")+SUMIFS(K:K,B:B,"<5")
```

Wani kuma nasa akasin haka ne, bayan ci ne zubinsa ke kumbura, wai ai kuɗin kamfani ne yake wasa da shi. Ba na kamfani ba ne, tun da ya shigo asusunka naka ne. Fomula ta biyu ce za ta tona wannan.

Gargaɗi ɗaya kan yankan teburi. In ka yi ta rabawa bisa gasa, bisa ranar mako, bisa ƙungiya, dole ka ci karo da wani lungu mai kyalli, kamar "ranar Talata ina cin kashi 40". Layi takwas ne fa. Duk wanda ya raba 120 gida ashirin zai samu gida biyu masu kyau ko da ido rufe ya yi zaɓin. Ka yarda da rabon da ke da dalili tun kafin ka duba, kuma ka ga ko Tazara ta goyi bayansa.

Abin da za ka yi da abin da ka gani

Doka ɗaya ko biyu kawai za ka fitar a kowace bita, kuma irin wadda tebur zai iya kama ka in ka karya. "Zan rage son zuciya" ba doka ba ce. "Babu zubin da zai wuce yunit 1 in NaBaya `fadi` ne" doka ce, kuma ga mai gadinta:

```
=COUNTIFS(M:M,"fadi",F:F,">1",A:A,">="&P1)
```

A P1 ka sa ranar da dokar ta fara, in ka riga ka ajiye wata fomula a nan to zaɓi wani gida ka canza harafin. Wata mai zuwa lambar ta zama 0. Haka za ka yi wa "babu betin bayan ƙarfe 10 na dare", sai dai B za ka sa da `">=22"` a madadin M da F, sannan ka haɗa da wata mai `"<5"` don na bayan sha biyun dare. Rubuta dokar da ranarta a shafin bita don kar wata uku nan gaba ka ce ai ba haka ka ce ba.

In wata biyu a jere mai gadin nan yana nuna 6, 9, ko ka kama kanka kana tsallake layi da gangan, ko shafin ajiya ya nuna kana turawa sau uku a dare ɗaya, ko kuɗin da ke shiga na bashi ne ko na wata buƙata, to matsalar ta wuce ta fomula. Yawancin kamfanoni masu lasisi suna da wurin sa iyakar kuɗin da za ka iya turawa da wurin rufe asusu na wani lokaci a cikin saitinsu, yi amfani da su a ranar da ka gani ba sai Litinin ba, sannan ka buɗe fayil ɗin gaban wani da kake jin nauyinsa ka bar shi ya gangara da kansa har layin ƙarshe.